Hoto, Rubutu Ko Bidiyo? Darasi Daga Buhun Wake

Idan kaka ta yi, aka rore wake aka cashe shi, manomi yakan tsinci kansa tsakanin abu biyu: ko ya kai kasuwa nan take lokacin da farashi ke ƙasa, ko ya ajiye ya jira bazara, ya kuma shiga kokawa da ƙwaro. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo amfanin. Yana saka ƙwai a jikin ƙwayar, tsutsa ta huda ta shige ciki tana ci, kafin 'yan watanni buhu ya koma huji da gari. Shi ya sa wasu ke zuba magani mai guba, abin da ya jawo Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta a 2015, saboda ragowar maganin ƙwari da aka samu a jikinsa.

Akwai wata hanya da ba ta buƙatar magani ko kaɗan. A 2007 Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da cibiyoyin binciken noma irin su INRAN a Nijar da IITA a Najeriya, ta fara yaɗa buhun nan da ake kira PICS a ƙasashe goma na yammaci da tsakiyar Afirka. Buhu ne mai ninki uku: leda biyu masu kauri a ciki, sai saƙaƙƙen buhu a waje. In aka cika shi da busasshen wake aka ɗaure yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwarin da ke ciki su ne za su shaƙe ɗan iskar da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa, su mutu.

To, a ce kai malamin gona ne, ko sakataren ƙungiyar manoma, ko mai sayar da buhunan a bakin kasuwa. Magana ɗaya kake so ta isa ga jama'a: a adana wake a buhun PICS ba tare da magani ba. Waya tana hannunka, kuma hanyoyi uku ne a gabanka. Kana iya haɗa hoto guda, kana iya rubuta saƙo zalla, kana iya tsara gajeren bidiyo. Wanne za ka ɗauka?

Yawancin mutane ta wajen kansu suke duba tambayar. Wanda ya iya haɗa hoto sai ya haɗa hoto, wanda ke sha'awar a gan shi yana magana sai ya kunna kyamara. Ni kuwa a ganina ta wajen mai karɓa ya kamata a duba, kuma tambaya ɗaya ce ke raba gardama: bayan ya ga saƙon nan, me nake so ya iya yi wanda bai iya ba a da? In so kake ya yarda da abu, ko ya gane shi in ya gan shi a kasuwa, aikin hoto ne. In so kake ya riƙe adadi, ko rana, ko jerin ka'idoji da zai koma ya duba, aikin rubutu ne. In kuwa so kake hannunsa ya kwaikwayi wani motsi, babu abin da zai yi maka wannan sai bidiyo.

Abin da ke rikita mutane shi ne, maganar da suke ɗauka guda ɗaya ce, in aka buɗe cikinta sai a tarar da uku. Batun buhun wake ya ƙunshi da'awa, wato wake ba ya lalacewa a ciki. Ya ƙunshi ka'idoji, wato a busar, a duba leda, kada a riƙa buɗewa. Ya kuma ƙunshi aikin hannu, wato yadda ake murɗe bakin leda a ɗaure. Duk sigar da ka zaɓa, ɗaya daga cikin ukun nan za ta ɗauka da kyau, sauran biyun kuma sai dai ta taɓa su sama-sama. Saboda haka sauya wa magana siga ya fi kama da yanka fiye da kwafa: dole ka san abin da za ka bari a baya.

Abin da hoto guda zai iya ɗauka

Mu fara da da'awar. Manomin da ya shekara talatin yana zuba magani ba zai yarda cewa leda kawai za ta kashe ƙwaro ba don ya karanta haka a waya. Masu shirin PICS sun san wannan tun farko, shi ya sa suka riƙa cika buhuna a gaban jama'a a ƙauyuka, a ajiye su wata da watanni, sannan a tara mutane a kwance su kowa ya gani da idonsa. Gani ya kori ji. Hoto guda, in an yi shi daidai, wannan taron buɗe buhu ne aka matse shi ya shiga waya.

Ga yadda zan tsara shi. Tafin hannu biyu a buɗe, kusa da kyamara. A na hagu waken da ya kwana a buhun da aka saba, duk huji, ga gari a tsakanin yatsu. A na dama waken da ya fito daga buhun PICS, sumul. A bayan kowane hannu ana hango buhun da waken ya fito, na daman an ɗan naɗe bakinsa yadda ledoji biyun za su bayyana. Rubutu kuma bai wuce layi ɗaya da manyan haruffa ba: "Wake ɗaya, wata shida, babu magani." Can ƙasa sunan ƙungiyar da ta fitar da hoton da inda ake samun buhun. Shi ke nan.

Buhunan da ke baya ba ado ba ne. Cire su ka nuna wa mutum hoton ba tare da ka ce komai ba, ka tambaye shi abin da ya gani. Wani zai ce iri biyu ne na wake, ɗaya ya fi ɗaya kyau. Wani zai ce tallar sabon maganin ƙwari ce, wanda shi ne kishiyar abin da kake nufi. Hoto ba ya faɗin dalili, sakamako kawai yake nunawa, mai kallo ne ke cike gurbin dalilin da abin da ya riga ya sani. In ba ka sa dalilin a cikin hoton yadda ido zai gan shi ba, zai kawo nasa. Wannan gwajin na nuna wa mutum ka yi shiru shi ne mafi arha a cikin duk gwaje-gwajen da na sani, kuma gara a yi shi da wanda bai san zancen ba, ba da abokin aikin da kuka tsara tare ba.

Sharaɗi ɗaya kuma: hoton ya zama na gaskiya. In ka rubuta wata shida, to waken ya yi wata shidan. Manomi ya san kamannin sabon wake, ya san na tsoho, kuma ranar da ya gane an yi masa dabara, ba hoton kaɗai zai ƙi ba, har da buhun.

Babban kuskuren da ake yi da hoto shi ne a mayar da shi allon makaranta. Mai haɗawa ya ga akwai ka'idoji shida, sai ya jera su duka da ƙananan haruffa, ya ƙara tambari uku da lambobin waya biyu. A babbar kwamfutarsa abin ya yi kyau. Amma WhatsApp yana matse hoto kafin ya aika, don ya rage nauyinsa, kuma ƙananan haruffa su ne farkon abin da ke dusashewa. Daga nan wani ya ɗauki hoton allon wayarsa ya tura, na gaba ma ya yi haka, kafin saƙon ya kai hannu na huɗu sifili da takwas sun zama abu ɗaya. Ga kuma matsalar haruffanmu masu lanƙwasa: salon rubutu da yawa na manhajojin haɗa hoto ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai ka ga akwati ya fito a madadinsu, ko harafin ya fito da wata siffa dabam a tsakiyar kalma. Kafin ka aika, tura wa kanka hoton a ƙaramar waya, ka fita rana ka duba. Abin da ba ka iya karantawa ba sai ka buɗa shi da yatsu biyu, ba na hoto ba ne.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: bayanin da ka rubuta a ƙarƙashin hoto ba ya manne da shi. Da zarar wani ya ajiye hoton a wayarsa ya sake aikawa daga can, bayanin ya tsaya a baya, hoton ya tafi shi kaɗai. Don haka duk abin da in ya ɓace ma'anar za ta juye, a sa shi a jikin hoton.

Rubutu zalla, da lissafin haruffa

An raina rubutu saboda ba ya ɗaukar ido, amma shi kaɗai ne ke shiga kowace waya, har da ƙaramar nan mai madannai da ba ta san data ba. Nauyinsa bai kai kilobait ɗaya ba. Ana iya kwafe lambar waya daga cikinsa, ana iya nemo shi bayan wata uku ta hanyar rubuta kalma ɗaya a wurin bincike, ana iya karanta wa wanda bai iya boko ba, ana iya miƙa wa mai gabatar da shirin noma a rediyo ya karanta yadda yake. Ka'idojin buhun nan a rubuce suka fi zama:

"Manoman wake: a busar da wake sosai kafin a zuba a buhun PICS. A duba leda kada ta huje. A daure kowace leda daban. Kada a sa magani. Kada a rika budewa."

Mai karatu zai lura na bar haruffa masu lanƙwasa a wannan saƙon, kuma da gangan ne. Saƙon SMS guda yana ɗaukar haruffa 160, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, matuƙar duk haruffan suna cikin jerin da tsarin ya tanada. Su ɓ da ɗ da ƙ ba sa cikin wannan jeri. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga, waya takan koma wani tsarin da ke ɗaukar haruffa 70 kacal a saƙo guda, in kuma saƙon ya zarce aka rarraba shi, kowane yanki 67 yake ɗauka. Saƙon da ke sama haruffa 153 ne, wato SMS ɗaya. Mayar masa da lanƙwasarsa a kalmomi uku, ya zama SMS uku. Ga mai aika wa mutum biyar wannan ba komai ba ne. Ga ƙungiyar da za ta aika wa manoma dubu biyu, kuɗin ya ninka uku. A WhatsApp babu wannan iyakar, don haka a can babu uzurin barin rubutu daidai. A SMS kuwa sai a sake karantawa da kyau, a tabbata babu kalmar da rashin lanƙwasa zai juya mata ma'ana a inda jimlar ba za ta cece ta ba.

Dubi kuma yadda saƙon ya fara da sunan waɗanda ake nufi. A waya, layin farko kaɗai ake gani kafin a buɗe saƙo, kuma a nan mutum ke yanke shawarar buɗewa ko wucewa. Mu mutane ne masu gaisuwa, ba na kuma cewa a daina sallama, amma in layi uku na farko duk gaisuwa ne da fatan alheri, manomin da aka rubuta dominsa zai ɗauka irin saƙonnin barka da Juma'a ne. Sallama a taƙaice, sai magana. Kowace jimla umarni ɗaya, a jere yadda aikin yake gudana: busarwa kafin dubawa, dubawa kafin ɗauri.

Rauninsa guda biyu ne. Na farko, kowa na iya gyara shi a hanya. Wani zai kwafa ya ƙara nasa, wataƙila ya ga kamar an manta ne ya saka cewa a jefa ƙwayar magani ɗaya don ƙarin tsaro, saƙon ya ci gaba da yawo da sunanka. Na biyu ya fi girma, kuma yana cikin jimla ta uku. "A ɗaure kowace leda daban." Jimlar daidai take, babu kuskure a cikinta. Amma ba wa mutum uku da ba su taɓa ganin ana yi ba, ka ba kowa buhu da igiya. Na farko zai tattara bakin leda ya ɗaure kamar yadda ake ɗaure buhun gero. Na biyu zai ƙulla ledar da kanta. Na uku zai bar iska cike a saman wake ya ɗaure tamau a can ƙarshe. Duk sun bi abin da aka rubuta, kuma akwai yiwuwar dukkansu ƙwaro ya ci musu wake. Kana iya ƙara bayani, ka ce a matse iska, a murɗe, a lanƙwaso, a ɗaure, amma murɗawa sau nawa, lanƙwasawa ta ina? Duk kalmar da ka ƙara tana haifar da wata tambayar.

Wannan ita ce alamar da nake nema kullum. Idan kana bayyana abu da baki sai ka ga hannunka ya tashi yana nunawa, kana cewa "ka yi haka, sannan haka", to maganar ta fi ƙarfin rubutu.

Inda bidiyo ya zama dole

Masu yaɗa buhun PICS sun ci karo da wannan a aikace. Rediyo ya sanar da jama'a cewa buhun ya zo, amma ɗaurin da ke hana iska shiga abu ne mai wuyar faɗa, mai sauƙin nunawa. A Nijar sai suka ɗauki gajeren bidiyo da wayar hannu yana nuna yadda ake rufe buhun, manoma suka riƙa tura wa juna ta Bluetooth, tun kafin WhatsApp ya zama ruwan dare. Abin lura shi ne abin da aka ɗora wa bidiyon: yankin nan guda da sauran hanyoyi suka kasa ɗauka.

Tsarin gajeren bidiyo ba jawabi ba ne da aka rubuta don a karanta a gaban kyamara. Takarda ce mai gida biyu: a gefe ɗaya abin da ido zai gani, a ɗaya gefen abin da kunne zai ji, kowane layi da daƙiƙoƙinsa. Kuma gefen ido ake fara cikawa. Ga misali na daƙiƙa 45.

Daƙiƙa biyar na farko, hannu ya nutsa cikin buɗaɗɗen buhu ya ɗebo wake mai kyau. Murya ta ce: "Waken bara ne wannan, ba magani. Sirrin yana wajen ɗauri." Daga 5 zuwa 12, a kama bakin ledar da babu komai a ciki, a cika ta da iska, a danna. Murya: "Fara duba leda. In iska na fita, ta huje, kada ka yi amfani da ita." Daga 12 zuwa 18, buhu a tsaye cike da wake, bakunan buhun waje da leda ta biyu a naɗe ƙasa, ana jijjiga shi wake ya zauna. Daga 18 zuwa 32 kyamara ta matso, hannu biyu kawai ake gani: an matse iskar da ke saman wake, an murɗe bakin ledar ciki tun daga kan waken har sama, an lanƙwaso shi gida biyu, an naɗa igiya an ɗaure. Murya a nan kalma huɗu ce, kowace a lokacinta: "Matse. Murɗe. Lanƙwasa. Ɗaure." Daga 32 zuwa 40, a maimaita a leda ta biyu da sauri, sannan buhun waje. Murya: "Ta biyu ma haka, ita kaɗai. Sannan buhun waje." Daƙiƙa biyar na ƙarshe, buhun a kan katako a cikin ɗaki, nesa da bango. Murya: "A ɗora a kan katako, a kiyaye ɓera."

Kusan sulusin lokacin ya tafi a kan ɗauri ɗaya, kuma a nan ne maganar ta fi ƙaranci. Haka ya kamata. Wannan daƙiƙa 14 su ne dalilin yin bidiyon, kuma ba a yanka su, ba a saurara da kyamara, don mai kallo ya ga motsin daga farko zuwa ƙarshe a tafiyarsa ta gaskiya. Duk muryar ba ta kai kalma 60 ba. Mai magana da Hausa a natse yakan faɗi kalma biyu ko ɗan fiye a daƙiƙa, don haka daƙiƙa 45 ba za su ɗauki abin da ya wuce kalma ɗari ba ko da ba a numfasa ba. Hanyar tabbatarwa ita ce ka karanta da ƙarfi kana duba agogo. In ka ji kana gudu, ka rage kalmomi, kada ka ƙara sauri.

Me aka bari a waje? Sunan jami'ar, tarihin buhun, bayanin yadda ƙwaro ke mutuwa, godiya ga shugaban ƙungiya. Na san wannan na ƙarshen yana da wuyar cirewa a wurinmu. Za a ce, "Ranka ya daɗe, ai ya kamata shugaba ya fara yin jawabi." Amsar da ta dace, cikin ladabi, ita ce a yi wa jawabin nasa bidiyo dabam, domin wanda ya buɗe bidiyo ya tarar da mutum zaune a kujera yana gabatar da kansa, yawanci ba ya jiran ganin buhu.

Gwaji biyu ake yi wa irin wannan bidiyon, kuma suna da sauƙi. Kashe murya ka kalla: in har ana gane aikin, hoton ya yi. Mutane da yawa a cikin jama'a suke kallo, a mota ko a majalisa, ba tare da sauti ba. Sannan ka juya wayar ka saurara kawai. In ka fahimci komai ba tare da ka kalla ba, to ba bidiyo ka yi ba, saƙon murya ne ka ɗora masa nauyin banza, gara ka aika shi a matsayin murya ka huta. Saƙon murya, af, shi ne ɗan'uwan rubutu ga wanda ba ya karatun boko, kuma sau da yawa shi ne amsar da ta dace in matsalar karatu ce ba ta gani ba.

Nauyin da na ambata ba ƙaramin abu ba ne. Hoton da ya bi ta WhatsApp yakan tsaya a kilobait ɗari ko ɗari biyu. Bidiyon minti ɗaya kuwa megabait da dama ne, wato nauyin hotuna gommai. Wanda ke sayen data ta kwana ɗaya ya kashe saukewa ta kai tsaye, abin da yake gani kawai hoto ne dishi-dishi da adadin megabait a tsakiya, yana auna ko ya cancanci kuɗinsa. Shi ya sa bidiyo ba ya tafiya shi kaɗai: sai da layi ɗaya na rubutu da ke faɗin abin da ke ciki da tsawonsa, kamar "Yadda ake ɗaure buhun PICS, daƙiƙa 45." A ɗauke shi a tsaye yadda ake riƙe waya, da hasken rana, a wurin da babu ƙarar injin niƙa. In sitatus za a sa, a tuna WhatsApp ya daɗe yana yanke bidiyo a daƙiƙa 30 kafin ya tsawaita zuwa minti ɗaya a 2024, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Abin koyo ba wurinsa ba ne can, gara a tura shi cikin zaure, ko a ba masu tura fina-finai a kasuwa, ko a bar shi ya bi ta Xender daga waya zuwa waya ba tare da data ba.

In ɗaya kawai za ka iya

Sau da yawa babu lokaci ko kuɗin yin duka ukun. A nan sai ka tambayi kanka inda maganar ke karyewa a wurin mutanen da kake nufi. A ƙauyen da ba a taɓa ganin buhun ba, bidiyon ɗauri bai da amfani tukuna, domin ba wanda ke koyon ɗaure abin da bai yarda da shi ba. Hoton hannu biyu za ka fara aikawa. A inda aka riga aka saya amma ana kukan cewa wake ya lalace duk da haka, ka je ka duba buhunan. In ka tarar an haɗa ledoji biyu an ɗaure su tare, ko ɗaurin ya yi sako-sako, bidiyo ne maganin. In kuwa ɗaurin daidai ne amma waken ya yi fumfuna saboda an zuba shi da danshi, ko uwargida tana kwancewa kowane mako ta ɗebi na alala da ƙosai, to hannu ya iya, ka'ida ce aka manta, kuma SMS ɗaya zai tunatar. Ga wannan gidan ma akwai shawarar da ta cancanci jimla guda: a ware na ci a wani mazubi, a bar buhun a rufe.

Akwai kuma batun daɗewa, wanda ke yanke hukunci a kan abin da za a sa a ina. Rubutu ana sake shi cikin minti ɗaya. Hoto sai an koma wurin mai haɗawa. Bidiyo kuwa in ya fita ya fita, zai yi ta yawo a katin waya shekara da shekaru ba tare da ka iya kiran sa ya dawo ba. Saboda haka duk abin da ke canzawa, kamar farashin buhu, ranar taro, ko shagon da ake samu, kada ya shiga bakin mai magana a bidiyo. Mai sayarwar da ya faɗi farashin bana a cikin bidiyo, baɗi zai sha gardama da masu saye da ke nuna masa fuskarsa a waya yana faɗin tsohon kuɗi. Farashi da rana su zauna a rubutun da ke rakiyar bidiyon, a sa musu kwanan wata, a sake su duk kaka.